Yadda za ka yi idan mai kira ya yi shiru kana tsakiyar shiri kai tsaye

Duk wanda ya taɓa zama gaban makirfo ya buɗe layi ya san wannan abin. Ka ce "salamu alaikum, wa muke tare da shi?" sai ka ji ɗif. Ko kuma mutum ya amsa sallama da ƙarfinsa har da gaishe ka da aiki, kana jefa masa tambaya sai ya ɗauke wuta. Sakan 3 a waje ba komai ba ne, amma a cikin situdiyo jar fitila na kunne furodusa na kallonka ta gilashi, ji za ka yi kamar an shekara. Abin da yawancin ƙannenmu sababbin shiga ke yi shi ne halo, halo, muna jinka, halo, har sau biyar sannan su katse su ce "da alama netwok ne". Ina gabatar da shirin noma mako-mako a nan Birnin Kebbi, masu kirana galibi manoman shinkafa ne daga Argungu, Augie, Suru, Bunza, Jega har Yauri, kuma abin da aikin ya koya mini shi ne shirun nan ba iri ɗaya ba ne, kowanne da maganar da ke warware shi, kuma halo ɗin nan ba ta warware ko ɗaya daga ciki. Ga yadda nake yi, daki-daki.

Mataki na farko tun kafin ka shiga situdiyo ne. Ka sami takarda guda ka rubuta jimlolin da za ka faɗa da hannunka, manya-manyan baƙaƙe yadda ido ɗaya zai ɗauka, ka ajiye ta gefen miksa inda ba sai ka taɓa ta ba, don ƙarar takarda makirfo na ɗauka. Kada ka ce ai na iya magana zan samu abin faɗa a lokacin. A lokacin ne fa kai ke toshewa, kuma bakin da ya rasa abin faɗa halo yake komawa. Ni takardata gida huɗu na raba ta: na layi, na rediyon mai kira, na tsoro ko kunya, sai na sallama. Kowane gida jimla biyu ko uku, kada su wuce haka. Dalilin biyu ko uku shi ne idan jimla ɗaya gare ka za ka maimaita ta sau shida cikin awa guda, masu sauraro su haddace ta, har yaran unguwa su fara kwaikwayonka. Bayan waɗannan sai ka ƙara a ƙasan takardar tambayoyi ƙanana guda 3 da suka shafi batun ranar, su kam duk mako sai ka sake su, zan zo kansu don su ne ainihin makamin.

A wannan matakin kuma ka yi magana da wanda ke ɗaga maka waya idan kana da shi. Ya tambayi mai kira suna da gari, ya ce masa ya rage rediyo, ya kuma gaya masa "idan ka ji an gaishe ka to kana kan iska, ka fara magana". Wannan ƙaramar jimlar tana kashe shiru mai yawa tun kafin ya faru, domin da yawa daga masu kira ba su san an riga an sa su ba, suna can suna jiran wani ya ce musu bisimilla. Idan kuma tasharku irin wadda kai ne mai gabatarwa kai ne mai ɗaga waya kai ne mai jan feda, wato abin ɗaga murya da rage ta a miksa, to ka faɗi wannan ƙa'idar a iska lokacin da kake karanto lambobi, ka sake faɗa bayan kowane talla.

Mataki na biyu, idan shirun ya zo, kada ka yi magana tukuna. Ƙirga 3 a zuciyarka, kuma cikin ƙirgan nan idonka ya sauka kan miksa kunnenka ya shiga hedifon. Ido tukuna: fedar waya a sama take? Sau da yawa mutum na can yana zuba bayani kai ne ba ka ɗaga shi ba. Sai kunne, me kake ji a bayan shirun? Wannan shi ne gaba ɗaya sirrin. Idan ba ka jin komai sam, ba iska ba motsi kamar an rufe ƙofa, ko murya na zuwa guntu-guntu, to layi ne. Idan kana jin muryarka na dawo maka daga nesa ko wani ƙara mai tsini na tasowa, rediyonsa ne a kunne. Idan kuwa kana jin numfashi, kukan akuya, injin ban-ruwa na tafiya, yara na wasa, to mutum na nan, layi lafiya lau, magana ce ta maƙale masa. Uku ɗin nan kada ka haɗa musu magani.

Na layi shi ne mafi sauƙi kuma ba na ɓata masa lokaci. Sau ɗaya nake gwadawa: "Malam, muryarka ba ta iso mana ba, ɗan gyara tsayuwa ka sake sallama." Na ce gyara tsayuwa ne don a ƙauyukanmu da yawa sabis wuri-wuri ne, mutum ya san dai inda yake tsayawa ya samu, wani kan tudu wani bakin masallaci. Ka ba shi sakan 3. Bai dawo ba, "to layin ya ƙi mu, ɗan'uwa ka sake kira muna nan har ƙarfe tara, ko ka turo saƙo in karanta." Shi ke nan ka sauke feda. Ka tuna kuma katinsa ne ke ƙonewa kana ta halo, wani ma shirun da ka ji kuɗin ne suka ƙare.

Na rediyo kuwa akwai abin lura. Mai kira yana jin muryarsa na fitowa daga rediyo a ɗan makare, sai ya tsaya yana sauraron kansa, ya faɗi kalma biyu ya tsaya, ya sake faɗa ya tsaya. Wanda ke kallonku ta Fesbuk ma ya fi muni don jinkirin can ya fi tsawo nesa ba kusa ba, kai ka gama tambaya shi bai ma ji farkonta ba. Kowa ya san a ce "rage rediyonka", amma ni na lura wannan ba kullum take aiki ba, saboda sau tari rediyon ba nasa ba ne, na mai shayi ne ko na majalisa, mutum goma na kewaye da shi suna son su ji muryar ɗan garinsu, ba mai barin a rage. Don haka abin da nake cewa shi ne "ɗan taka ka yi nesa da rediyon, ka saurare ni ta cikin wayarka, 'yan majalisa za su ji ka daga nan." Ka ga ka ba shi abin da zai iya yi da ƙafarsa ba tare da ya yi rigima da kowa ba. Yayin da yake takawar kada ka bar iska fayau, ka ce wa masu sauraro "bari ya ɗan matsa, muna maganar tsadar man ban-ruwa ne ga wanda ya kama mu yanzu", ka ga ka cike gurbin kuma ka tuna wa mutane batun.

Wani abu a nan da ya kamata ka sani: idan mutum uku a jere duk suka yi irin wannan tsaye-tsayen, kalma biyu su tsaya, kuma sun rantse ba rediyo kusa da su, to laifin daga wajenku ne. Miksa na mayar wa mai kira muryarsa ta cikin waya. Yadda ya kamata a haɗa shi ne a tura masa komai na situdiyo ban da muryarsa shi kansa, injiniyoyi na ce masa miks-mainos, galibi ta `AUX` ake turawa, sai a rufe `AUX` ɗin layin wayar shi kansa. Ba jimlar da za ta gyara wannan. Ka tafi talla ko jingil ka kira injiniya.

To yanzu ga babban, wanda saboda shi na zauna rubutun nan: mutum na kan layi, kana jin numfashinsa, amma ya kasa. Ka fara sa kanka a matsayinsa. Wataƙila sati uku yana gwada lambar nan ba ta shiga, yau ta shiga ba zato, ya shirya magana tun safe a gona amma yana jin muryar da ya saba ji a rediyo ta kira shi sai komai ya tashi daga kansa. Ya san kuma duk garinsu na ji, surukansa na ji, mai gari na ji. Irin wannan idan ka ce masa "muna jinka, yi magana, lokaci na tafiya" ka ƙara masa dutse ne a ka.

Abu na farko da nake yi shi ne in koma gaisuwa. Bahaushe ko ya rikice yaya ba ya rasa amsar gaisuwa, bakinsa da kansa ke amsawa. "Baba, an wuni lahiya? Ya ruwa wajenku?" Da rani kuma "ya zahi?" ko "ya aikin fadama?" Kuma ina sauka zuwa harshen gida, ba Hausar labarai ba. Mutumin Augie idan ka ce masa "mene ne ra'ayinka dangane da wannan batu" ji zai yi kamar yana gaban alƙali, amma ka ce "Baba, daga ina kaka kira?" sai ka ji ya saki jiki ya ce daga wuri kaza ni ke. Da zarar ya faɗi kalma uku a jere muryarsa ta fito ya ji duniya ba ta tashi ba, to rabin aikin ya ƙare. Ka kula da sunan da za ka kira shi: murya ta nuna dattijo ne ka ce Baba ko Alhaji, tsaranka ne Malam ko ɗan'uwa, mace babba Inna ko Hajiya, matashiya Malama ko 'yar'uwa. Kada ka ce wa dattijo "abokina".

Abu na biyu, ka rage girman tambayar. Nan ne tambayoyi 3 na ƙasan takarda ke aiki. Tambaya mai faɗi kamar "me za ka ce game da noman rani bana" ita ke sa mutum shiru don bai san ta ina zai kama ta ba. Ka sauko mataki ɗaya, ka ba shi zaɓi biyu: "bana ka yi noman rani ko ka huta?" Wannan kalma ɗaya ce amsarta. Ya amsa, sai ka ɗora da tambayar abin da ya sani da hannunsa, abin ƙirge ko abin gani: "injinka na fetur ne ko na sola?", "sau nawa kake ban-ruwa a sati?", "buhu nawa na taki ka zuba?" Mutum na iya jin tsoron faɗin ra'ayi, amma ba ya jin tsoron faɗin abin da ya yi jiya a gonarsa. Daga nan ra'ayin da kansa zai biyo baya ba tare da ka roƙa ba. Sai dai kada ka jera masa tambayoyi uku a numfashi ɗaya don kana jin tsoron shirun, wannan kuskure ne da nake yawan ji, ya huta ko ya yi, kuma injin wane iri, kuma ya farashi. Ɗaya tak, ka rufe baki, ka ƙirga 3.

Bari in kawo yadda wani kira ya gudana don a ga jerin a aikace. Muna maganar ban-ruwa ne, bayan cire tallafin mai na 2023 lokacin da kuɗin fetur ya hana mutane da yawa tada inji. Layi ya shigo.

Na ce, "Salamu alaikum, wa muke tare da shi?"

Ya ce, "Wa alaikumus salam." Murya ta dattijo. Sai shiru.

Na ƙirga 3. Feda a sama take. A hedifon ina jin iska da kukan tsuntsaye da wani abu kamar ruwa na zuba, ba muryata da ke dawowa. To ba layi ba ne ba rediyo ba ne, kuma ga alama a gona yake.

"Baba, sannu da aiki. Kamar ina jin ruwa kusa da kai, cikin fadama kake?"

"Awo, ina cikin hwadama."

"Madalla. Wace ƙasa?"

"Nan wajen Augie."

Ya sake yin shiru, amma wannan karon na ji ya ja numfashi kamar mai shirin magana, don haka ban katse shi ba, na ƙara masa sakan 2. Bai fito ba. Sai na ɗauko ta ƙasan takarda.

"Baba, bana duka gonar ka noma ko ka rage?"

"Wallahi ragewa niy yi. Rabi."

"Rabi. Mi ya sa, mai ne ko taki?"

Daga nan ban sake tambayarsa komai ba sai da ya yi kusan minti biyu yana bayani, yadda shi da maƙwabcinsa suka haɗa inji ɗaya suna karɓa-karɓa, yadda yake tada inji da asuba da marece don kada rana ta shanye ruwan, da yadda ya bar ɓangaren da ke kan tudu don ya fi shan ruwa. Wannan bayanin ya fi duk abin da na shirya faɗa a ranar amfani, kuma masu kira uku da suka biyo baya duk kan maganarsa suka ɗora. Daga sallamarsa zuwa lokacin da bakinsa ya buɗe bai fi sakan 25 ba. Ka lura da abubuwa biyu a ciki. Na yi amfani da abin da kunnena ya ji a bayansa na mayar da shi tambaya, wannan yana nuna masa ana jinsa da gaske fiye da ka ce "muna jinka". Sannan da ya ce "rabi" na maimaita kalmarsa kafin in ɗora, maimaita kalmar ƙarshe ta mai kira dabara ce mai arha da ke aiki kusan kullum, wani lokaci ma ita kaɗai ta isa, ka faɗe ta ka yi shiru shi zai ci gaba.

Mata kuma sai an ƙara kula. Da yawa da wayar maigida ko ta ɗa suke kira, wata a ɓoye ma take yi ba ta son a gane muryarta a gari. Idan ta yi shiru bayan ka tambayi suna, sunan ne matsalar, ka cire shi: "Hajiya ba sai kin faɗi suna ba, faɗa mana abin da ke ranki kawai." Kuma kada ka ce za ka taimaka mata da "matar wa ce?" ko "maman wa za mu ce?", don ka san da yawa ba sa faɗin sunan miji, ba sa faɗin na ɗan fari, ka ga ka sake jefa ta cikin wani shirun da ya fi na farko. Haka wanda Hausa ba ita ce harshensa na farko ba, Kebbi muna da Zabarmawa da Dandawa ta wajen Kamba, ga Dakarkari a ƙasar Zuru, ga Fulani ko'ina, wani yana jin Hausa sarai amma a iska sai ya tsaya yana neman kalma. Shi abin da yake buƙata lokaci ne da kwanciyar hankali: "a hankali Malam, yadda ta zo maka haka za ka faɗa, muna fahimta." Idan ka iya gaisuwa da harshensa ko kalma biyu ce ka yi, in ba ka iya ba kada ka ƙaƙala.

Akwai shirun da ba na kunya ba ne, na tsoro ne na gaske, kuma wannan ba a wasa da shi. Mai kira daga yankin da ke fama da 'yan bindiga, irin wasu sassan Danko-Wasagu da Sakaba ko ta ɓangaren Zamfara, ya fara magana kan dalilin da ya hana su zuwa gona sai ya tsaya cak. Ya tuna ne ba masoya kaɗai ke sauraron rediyo ba, kuma a garin akwai masu kai rahoto. A nan duk dabarar jawo magana da na faɗa a sama ka ajiye ta. Kada ka tambayi sunan ƙauye, kada ka ce "su wa ke nan?" Abin da ke takardata shi ne: "Malam, kada ka faɗi sunanka ko na garinku, iya abin da ka faɗa ya isa, mun gane." In ya ci gaba to, in bai ci gaba ba ka sallame shi da addu'a, ka sa furodusa ya kira shi bayan shiri idan akwai abin bi. Kusa da wannan akwai wanda ke jan baki don yana shirin ambaton sunan wani da zargi, za ka ji yana "wato shi wannan mutumin, shi..." Ka riga shi: "ba sai mun kama suna ba, gaya mana abin da ya faru." Ka kare shi, ka kare tasharku, don abin da ya fita a iska, tashar ce hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo za ta tuhuma ba mai kira ba.

Sai shiru na ƙarshe, wanda ni kaina sai da na yi kuskure a kansa kafin in gane shi. Lokacin ambaliyar 2020 da ruwa ya cinye shinkafa mai yawa a jihar nan, wani ya kira ya ce ruwa ya shiga gonarsa saura kwanaki kaɗan ya yi yanka, kuma bashi ya ci ya noma. Sai ya yi shiru. Na ɗauka layi ne na shiga halo, halo, Malam kana jina. Da na saurara da kyau sai na ji ashe kuka ne yake dannewa, magidanci, duk jiha na ji. Har yau abin na damuna. Tun daga ranar idan na ji numfashi na rawa ba na cewa komai na sakan 4 ko 5, sannan in ce a hankali "Allah ya mayar da alheri, ɗauki lokacinka muna tare da kai." Idan ya kasa, ni nake ɗauke masa nauyin: "mun ji, kuma ba kai kaɗai ba ne, Allah ya ba da haƙuri, za mu ci gaba da maganar a madadinka." Ba a cika irin wannan shirun da surutu, kuma ba a tashi daga shi a faɗa jingil mai kiɗa, ka ɗan yi magana kan batun da murya ƙasa kafin ka ɗauki wani layi.

Mataki na gaba shi ne sanin lokacin saki. Ƙa'idata gwaji biyu ne, gaisuwa sannan ƙaramar tambaya, duka-duka sakan 20 zuwa 30. Ya wuce haka masu sauraro sun fara murɗa rediyo, ga wasu na jira a layi katinsu na tafiya. Amma yadda za ka sake shi yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin masu jin kunya da ke gida suna kallon yadda ka yi da wannan ne kafin su yanke shawarar ko su ma za su kira. Kada ka ce "tunda ba ka da abin faɗa", kada ka yi tsaki, kada ka yi dariya da abokin gabatarwarka. Kuma kada ka ɗora wa netwok alhali kowa na jin numfashin mutum, masu sauraro ba yara ba ne. Ni dai nakan ce "mun gode da kiran nan Baba, sallamarka ta iso, idan maganar ta dawo ka sake kira za mu ɗauka." Kuma suna sake kira ɗin, na sha ganin wanda ya kasa a farkon shiri ya dawo kafin a rufe ya yi magana tsaf.

Bayan ka sauke feda kada ka yi tsalle zuwa wani layin nan take, musamman idan biyu a jere sun mutu, don na ukun ma zai iya mutuwa sai shirin ya zama halo zalla. Ka tanadi abin cikewa tun farko: saƙonni 2 ko 3 da ka ware ba ka karanta ba, tambaya guda da ka ajiye wa baƙonka idan kana da baƙo, ko ka sake jefa tambayar ranar a ƙaramin siffa ka karanto lambobi a hankali sau biyu. Misali "masu noman rani, tambayarmu guda ce, bana kun rage gona ko kun ƙara? Wanda zai kira ya fara da wannan." Ka ga ka ba mai kira na gaba jimlarsa ta farko tun kafin ya danna lamba, shi ba zai tsaya neman ta inda zai fara ba.

Abu na ƙarshe da nake yi bayan shiri ne. Ina karɓar rikodin in saurari wuraren shirun kawai, in duba agogo in ga sakan nawa na bari kafin in yi magana, don a cikin situdiyo abin da kake ji kamar sakan 10 ne sau da yawa 2 ne kacal, kuma za ka ga wurin da mutum ya ja numfashi zai fara kai kuma ka take shi da tambaya. Jimlar da ta buɗe bakin wani in sa mata alama a takarda, wadda na faɗa sau biyu ba ta yi aiki ba in soke ta in rubuta wata. "Ya ruwa wajenku" ta daɗe a takardata, da damina ta wuce nake canza ta da "ya aikin fadama", in lokacin yankan shinkafa ya zo kuma in koma "an fara yanka wajenku?"